Ƙungiya Goma Sha Biyu, Fili Ɗaya

Yau na ɗan ajiye labarin soyayyar da muke ciki, zan yi muku batun ƙwallo, amma ba ta Sifen ko Ingila da muke biyan kuɗi mu kalla a gidan kallo ba, ta ƙauye nake nufi, wadda ake shata layinta da toka. Sau uku ina riƙe sakataren kwamitin gasar matasa a mahaifata Tsibiri, cikin ƙasar Maradun, inda ƙungiyoyi kan zo mana daga ƙauyukan Maradun ɗin da na Bakura da Talata Mafara. Abin da na gane a aikin nan shi ne, rigimar da ake yi ranar wasan ƙarshe ba a ranar ake haifarta ba, tun ranar da aka zauna rubuta jadawali ake ɗaukar cikinta.

Mutane kan ɗauka da kuɗi ake fara shirin gasa. A'a, da fili ake farawa, domin fili ne zai gaya maka kwana nawa gare ka. Filin da muke samu na wata makarantar firamare ne, kuma ba a ba da shi sai an yi hutu. A gasar Disamba ta 2019 na je wurin hedimasta da takarda a rubuce, da sa hannun shugabanmu da amincewar mai gari, da ranakun farawa da gamawa. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Malam Sakatare, hili na ba ku, amma ranar da ɗiyana sunka dawo makaranta ban son in iske ko usur.” Na ce, “Ranka shi daɗe, mun ji.” Na kuma roƙe shi ya sa hannu a kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya nawa. Wannan kwafin ya yi mini rana, don a tsakiyar gasa wasu masu taron siyasa sun zo da rumfunansu za su kafa a daidai raga, takardar nan na nuna aka lallaɓa su suka koma gefe.

To, mako uku muka samu, kwana 21 ke nan. Cire Talata uku, domin ranar kasuwar Mafara rabin 'yan wasanka suna can suna neman abinci. Cire kwana biyu na ko-ta-kwana, saboda rasuwa ko wani labari marar daɗi daga daji. Saura 16. Kuma wasa ɗaya ake iya yi a rana, tsakanin La'asar da Magariba. A watan Disamba rana kan faɗi wajen shida da kwata, ga shi baƙi sai sun hau babura sun isa gida da sauran haske, wanda duk ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan ba sai an yi masa bayani ba. Saboda haka minti talatin-talatin muke bugawa, a take ƙwallo huɗu da kwata, kafin shida saura kwata an watse.

Yanzu ga ƙungiya 12, ga wasa 16. Yaya za ka yi?

Matasa suka ce a yi rukuni uku na huɗu-huɗu kamar yadda suke gani a talabijin. Na ɗauki alli na lissafa musu a allo: kowane rukuni wasa 6, rukuni uku 18, tun ba a shiga zagaye na gaba ba an wuce kwanakinmu. Wasu suka ce to a yi sili-ɗaya-ƙwale, wasa 11 an gama. Wannan kuwa ba adalci, mutum ya tara kuɗin rajista da kyar, ya ɗinka riguna, ya sha ƙura daga Bakura, a kore shi cikin awa guda. Baɗi ba zai dawo ba. Abin da ya rage shi ne rukuni huɗu na uku-uku. Kowane rukuni wasa 3, duka 12, sai kusa da na ƙarshe 2, neman na uku 1, wasan ƙarshe 1. Sha shida cif, kamar an auna.

Amma rukunin uku yana da wata cuta, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. A wasan ƙarshe na rukuni, biyu suna fili, ɗaya tana zaune a kan benci ta gama nata. Idan aka ce ƙungiya biyu za su fito, to waɗanda ke filin sun san daidai cin da zai fitar da su duka biyun ya kori ta zaune. Misali, a ce masu Ja sun ci masu Kore ɗaya da nema, masu Fari kuma sun ci Ja biyu da nema. Saura Kore da Fari. In Kore ta ci da ƙwallo ɗaya tak, kowa yana da maki uku, amma a ƙididdigar ƙwallaye Ja ce a ƙasa. Fari ta yi rashin nasara amma ta wuce, Kore ta wuce, Ja ta tafi gida. Ba sai an ba kowa sisi ba, kyaftin biyu su haɗa ido kawai ya isa.

Kada ka ce wannan halin ƙauye ne, mai karatu. A gasar cin kofin duniya ta 1982 a Sifen, Aljeriya ta buga wasanta na ƙarshe kwana ɗaya kafin Jamus ta Yamma da Ostiriya su buga nasu. Jamus ta ci ɗaya cikin minti goma na farko, cin da ya ishi su biyun, daga nan suka yi ta gara ƙwallo a tsakaninsu har aka tashi, Aljeriya ta koma gida. Tun daga gasar 1986 ake buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda. Har ma a 2023 hukumar FIFA ta janye shirinta na yin rukunin uku-uku a gasar 2026, ta koma huɗu-huɗu. To mu masu fili ɗaya, ina za mu buga wasa biyu lokaci guda? Kuma ko shi ma ba magani ba ne in zuciya ta ɓaci. A Bauchi, cikin Yulin 2013, wasa biyu aka buga lokaci guda na neman hawa rukuni na gaba, ƙungiyoyi biyu na tseren yawan ƙwallaye, aka ci Akurba 79 da nema, aka ci Babayaro 67 da nema. Hukumar ƙwallo ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada.

Abin mamaki, a waccan gasar ta 1982 ɗin dai na samo maganin. Zagayenta na biyu ƙungiya 12 ne, rukuni huɗu na uku-uku, kamar namu sak. Ƙungiya ɗaya kaɗai ke fita daga rukuni, kuma wadda aka ci a wasan farko ita ke buga na biyu. Haka Italiya ta ci Ajantina, Ajantina ta sake fitowa Burazil ta ci ta, sannan Italiya da Burazil suka haɗu a wasan da Paolo Rossi ya ci uku. Muka ɗauki wannan, muka ƙara doka ɗaya: babu canjaras, in an tashi kunnen doki sai bugun fenariti nan take, wanda ya ci ya kwashe maki uku. Duba yadda take aiki. Ja ta ci Kore, sai Kore ta buga da Fari. In Fari ta ci, wasan Ja da Fari ya zama na raba gardama. In Kore ta ci, Fari na da sauran rai, Ja kuma ba ta isa ta yi sake ba. Kujera ɗaya ce, ba cin da zai zaunar da mutum biyu a kanta. Ban ce ta toshe kowace kafa ba. In an yi wa Fari ruwan ƙwallaye ta fid da rai, tana iya sakin jiki. Amma hakan a fili ake ganinsa, gola ya riƙa fita yawo, 'yan baya su daina bin mutum.

Wahalarta ɗaya, ba ka iya rubuta jadawali cikakke tun farko. A allon da muka jingina a bakin fili sai ka ga an rubuta “wadda aka ci ranar Laraba”, kullum da yamma in goge in cike suna.

Batun alƙalin wasa ba shi da tsawo amma yana da zafi. Ba mu taɓa ba ɗan gari usur ba, ko da waliyyi ne, domin kowa a Tsibiri ƙanen wani ne ko surukin wani. Daga Mafara muke ɗauko mutum uku masu horo, ba wanda ya san wa zai hura sai an jefa ƙuri'a gaban kyaftin biyu ana saura 'yan mintoci. Ana biyan alƙali kuɗinsa da na mansa kafin ya shiga fili, daga hannun ma'aji, don kada ya tsaya bayan wasa yana jiran haƙƙinsa cikin mutanen da ya ba jan kati. Masu ɗaga tuta kuwa daga ƙungiyoyin wani rukuni muke ɗauka, aikinsu su nuna fitar ƙwallo kawai, satar gida ta alƙali ce. Wata rana wani dattijo ya tare ni bayan an kori ƙungiyar ɗansa, ya ce, “Kai ɗan nan, mi yas sa kunka kawo muna baƙo shi yi muna hukunci?” Na ce, “Baba, da ɗan uwana na sa, da yanzu ba tambayata kake ba.” Ya yi dariya ya wuce.

Sai kyauta. Kowace ƙungiya ta biya naira dubu goma, aka tara 120,000. Alƙalai suka ci 32,000, dubu bibbiyu a wasa 16. Aka sayi ƙwallo uku da kayan ɗaurin ciwo, aka gyara raga. Abin da ya rage shi ne kyauta, kuma dokar da na fi tsayawa a kanta ita ce a saya kafin a take ƙwallon farko. Wani mai neman kujera ya aiko cewa zai ba zakara babur. Muka gode, muka ce a kawo shi mu ajiye a gidan mai gari, sannan mu yi shela. Ba a kawo ba, mu ma ba mu sanar ba. Na san garin da aka yi shelar irin wannan alkawari, har yau sakatarensu ake bi bashi.

Namu rago ne da kofi ga ta ɗaya, riguna saiti guda ga ta biyu, ƙwallo sabuwa ga ta uku. Kullum da La'asar wani yaro ke jawo ragon ya ɗaure shi a gindin darbejiyar da ke bayan raga, inda kowa zai gan shi. Ma'ajinmu har dusar da ragon ya ci cikin mako ukun nan ya rubuta a littafi, ya karanta wa wakilan ƙungiyoyi sha biyu ranar rufe gasa.