Tsakuwa uku a tahin hannu

Bayan kaka ne aka kira mu horo na kwana biyu a Maradi, yankin da tsarin Mata Masu Dubara ya soma tun 1991. Mu takwas muka je daga ƙungiyarmu, har da mu biyu da ke rubuta wannan, shugaba da magatakarda. Ran na biyu malamar horon ta zaunar da kowace ƙungiya kan tabarmarta, ta ce ta ba mu minti 20 mu tattauna tambaya guda, mu hito da shawara guda. Tambayar kuwa tamu ce ta gaske, wadda muka baro gida ba mu warware ba: akwai jika 200 cikin asusu, a saye hatsi da su a ajiye sai damina, ko a ci gaba da ba da bashi?

Ba ta rufe baki ba muka kama magana. Lissahin yana kanmu tun daga gida. Buhu jika 20 ne yanzu, ke nan buhu 10. In Allah ya kai mu Yuni aka saida shi jika 28, riba jika 80. Bashi kuwa, rabin kuɗin ne kawai ke hita, kuma goma bisa ɗari a wata bai wuce jika 10 ba, cikin wata bakwai jika 70. Ɗaya ta faɗa, ɗayar ta maimaita da wasu kalmomi, muka kawo labarin wata ƙungiya da ta ci riba bara. Sauran suna ta gyaɗa kai. Da lokaci ya cika muka ce mun daidaita, hatsi za a saya.

Ashe malamar tana bayanmu da alli, tana jan layi duk sanda wata ta buɗe baki. Ta nuna muna allon. An yi magana sau 26, mu biyu ke da 19. Mata uku ba su da layi ko ɗaya. Wallahi da an tambaye mu, da mun rantse kowa ta yi magana, don mun ce "ko ba haka ba?" ya hi sau biyar. Sai daga baya muka gane wannan tambaya ba ta da amsa sai "haka ne", balle in shugaba ce ta yi ta.

Aka sake zama. Ta ba kowace tsakuwa uku. In za ki yi magana ki aje guda a tsakiyar tabarma, in sun ƙare kin gama, sai dai in an tambaye ki. Ta ce kuma masu muƙami ba su za su fara ba.

Shirun da ya biyo baya ya yi muna tsawo ƙwarai, har hannu yana ƙaiƙayi. Ba mu jin ya kai rabin minti. Amma a zaman farko ko numfashi ɗaya ba mu bari ba, kuma mace mai kunya sai ta ga hilin ya zauna babu kowa kahin ta shiga.

Cikin ukun da suka yi shiru akwai ƙaramarmu, wadda ke awon hatsi da tiya a kasuwa tun tana yarinya. Surukarta na zaune kusa da ita, kuma surukar ta riga ta ce hatsin ya yi mata. Kun san yadda abin yake, yarinya ba ta musu da uwar mijinta a gaban mutane. Ma'ajiyarmu ce ta ga haka. Ta aje tsakuwarta ta farko, ba ta faɗi ra'ayinta ba, ta juya ta ce, "Ɗiyata, ke da ke cikin sana'ar, magaza nawa ake haya a wata?"

Ku duba irin tambayar. Da ta ce "mi kika gani?", da yarinyar ta ce abin da manya suka gani shi ne. Amma an tambaye ta kuɗin haya, abin da ta sani, kuma faɗinsa ba rashin kunya ba ne. Ta ce jika 2. Sai ta aje tata tsakuwar, ta dubi ƙasa ta ce, "Inna, a yi mini afuwa, tambaya ce gare ni. Cikin jika 80 ɗin nan an hidda haya da ɗauko?"

Ba a hidda ba. Nan take muka lissafa. Haya wata bakwai jika 14. Amalanke da ƴan dako dala ɗari kowane buhu, jika 5. Jika 80 ta koma 61, ƙasa da 70 ta bashi. Da tsakuwarta ta biyu ta ƙara cewa sussukakken hatsi in ya daɗe a buhu ƙwari na shigarsa, awo ya ragu, kuma shekarar da gwamnati ta hito da hatsi mai rahusa, farashin damina ba ya hawa yadda ake zato. Mai tuyar ƙosai, wadda ita ma ba ta ce uffan ba da farko, ta ce in duka kuɗin suka shiga buhu, ina za ta samu jika 10 ta wake da mai da take ɗauka duk wata?

Abin da ya zauna muna a rai shi ne yadda yarinyar ta shigo. Ba ta ce mun yi kuskure ba. Ta kama lissahin da ke tsakiyar tabarma ta ƙara masa abin da ya rasa, cikin jimla biyu, ta yi shiru. Ta kuma riƙe tsakuwa guda har kusa da ƙarshe. Amma ba mu wanke ta duka ba, kuma mun gaya mata a mota: tun zaman farko ta san kuɗin hayar nan. Da ba a sake zama ba, da jika 200 na mata 25 sun tahi kan lissahin da ta san gurgu ne. A cikinsu har da zubinta na dala ɗari-ɗari duk mako.

Mu kuwa tsakuwa uku sun koya muna tsimi. Ta farko mun kashe ta wajen tambaya. Ta biyu, da saura kamar minti biyar, magatakarda ta tattara abin da aka faɗa: hatsi na da riba amma da haɗari, bashi kuma ba a so ya tsaya. Ta ce in ta bar wani abu a gyara mata, aka kuwa gyara. Wannan aikin ya dace da mai yawan magana, tunda bakinta ya saba, in dai maganar mutane za ta tattara ba tata ba. Shawarar da muka kai gaban malama ita ce buhu 5 kawai, a ɗakin ma'ajiya babu haya, jika 100 su zauna don bashi.

Da muka dawo gida mun gwada tsakuwar a taron mako, ba ta tahi sumul ba. Mu 25 ne, tsakuwa uku-uku sun kai mu har magariba, dole muka maida su biyu kuma sai ga babbar magana kawai. Wata Hajiya ta ce ita ba a auna mata baki da tsakuwa kamar ƴar lakkol, sai da muka bi ta gida da ban haƙuri, yanzu ita ke rabon tsakuwar. Akwai kuma masu aje tasu su ce "na yarda" don su huta. Su har yanzu sai an kira su da tambayar da ta shahi sana'arsu.

Buhunan biyar na nan a ɗakin ma'ajiya, bisa katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Ƙaramarmu aka ɗora wa duba su duk ran kasuwa, kuma ita ke faɗin farashin tiya a farkon kowane taro, kahin shugaba ta ce komi.