Fari, Baƙi da Ja: Yadda Harshe Ke Tara Sunayen Launi



Tutar Gabon, wadda aka tsayar a 1960, launi uku gare ta: kore a sama, rawaya a tsakiya, shuɗi a ƙasa. Da yawa daga 'ya'yanmu da aka haifa a nan Libreville za su lissafa su da Faransanci ba gargada, amma a nemi su faɗa da Hausa sai baki ya sarƙe. Har wasunsu sun yanke hukunci cewa Hausa matalauciya ce wajen launi. Wannan hukunci muke so mu duba.

A 1969 wasu masana biyu a Amirka, Brent Berlin da Paul Kay, sun kwatanta harsuna 98, suka lura cewa sunayen launi na asali suna ƙaruwa ne bisa wani jeri. Harshen da ke da suna biyu kacal yakan raba duniya zuwa haske da duhu, kamar na mutanen Dani a tsibirin Sabuwar Gini. In na uku ya zo, ja ne. Daga nan sai kore da rawaya, sannan shuɗi, sannan ruwan ƙasa, a ƙarshe irin su ruwan hoda da ruwan toka. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai harsunan da suka kauce wa jerin, amma gangar jikinsa tana nan.

Hausa da kanta shaida ce. Tsofaffin launukanmu uku ne, kuma ana gane tsufansu da irin nisan da suka yi a cikin magana. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan aiki da jan hali. Babu mai cewa shuɗin ciki ko koren hali. Haka kuma ukun nan suna da faɗin gona. Manjan da ake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët ya fi kama da bawon lemo a ido, amma ja muka kira shi. Farin goro ba fari fat ba ne, kuma rigar da ta sha baba har ta ƙoshi baƙa muke ce mata, alhali shuɗi ne ya yi duhu. Idon kakanninmu yana ganin bambancin sarai; ba su dai bukaci raba sunan ba.

To daga ina sauran suka fito? Galibi daga sana'a. Shuɗi ɗan'uwan shuni ne, wanda ake samu daga baba a marina irin ta Ƙofar Mata a Kano. Rawaya sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa, sai abin rinin ya ba launin sunansa. Dalilin a fili yake: muddin launi yana manne da abu guda, sunan abin ya wadatar. Amma ran da marini ya iya mai da farin ƙyalle ɗaya launi iri-iri, dole mai saye ya sami kalmar da zai ce ga wanda yake so.

Mataki na baya-bayan nan shi ne na “ruwan kaza”: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda. Ƙuruciyarsu a bayyane take a nahawu. Muna cewa farar riga da fararen riguna, shuɗiyar riga da shuɗɗan riguna, amma riga ruwan toka da riguna ruwan toka duk ɗaya ne, ba mace ba jam'i. Hoda ma kalmar aro ce daga Turanci, alamar cewa sunan bai girmi kayan kanti ba.

Kowace al'umma tana tsananta rarrabewa a inda bukatarta take. Rashawa suna da suna daban ga shuɗi mai haske da shuɗi mai duhu. Mu kuwa a doki muka zuba fasaha: akawal, kili, bidi, gunya, kowanne launin gashi ne da barga da fada suka bukaci a tantance. Mu da muka yi karatun allo mun san aya ta 22 a Suratur Rum ta haɗa saɓanin harsuna da na launuka cikin ayoyin Ubangiji.

Saboda haka aro ba abin kunya ba ne. Kalmar Faransanci ta launin lemo ma sunan ɗan itacen ce, kamar dai ruwan goronmu. Hasarar tana faruwa ne in aro ya kori ɗan gida, yaro ya riƙe “bulu” da “yalo” ya manta shuɗi da rawaya, domin da su ake mantawa da marina da tsiron da suka haife su. Maganin yana cikin gida: in za a aiki yaro ya ɗauko mayafi ko hula, a ambaci launin da Hausa, a bar shi ya nemo.

Allah Ya sa mu dace, Ya raya mana zuriya.