Wa'adi a Takardar Lauya

Cikin ayyukan fassara da sukan faɗo hannuna, babu wanda nake yi da ɗari-ɗari kamar takardar da lauya ke aika wa wanda ake bi bashi. Takardar ba ta cika wuce shafi guda ba, amma in aka sassauta kalma ɗaya a cikinta, mutum na iya yin barci da saleɓa har sammaci ya iske shi.

Wata da aka kawo mini, lauya ne ya rubuta wa wani ɗan kasuwa a kan ragowar kuɗin buhunan shinkafa, naira 850,000. Alhajin ba ya jin Turanci, shi ya sa lauyan ya so a haɗa masa da ta Hausa. Abu uku ne ƙashin bayanta: ya biya, cikin kwana 14 da samun takardar, in ba haka ba a kai shi ƙara.

Na fara da maganar biyan. Turancin lauyoyi yana da wata kalma mai kama da ta abin da zai faru nan gaba, alhali tilas take nufi. In na ce "za ka biya," na ba shi labari ne kawai. In na ce "ka biya," wannan ko aboki yakan faɗa wa abokinsa. Ga kuma ladabin wasiƙarmu, wanda da an ɗauki alƙalami sai hannu ya nufi "don Allah a daure" ko "in da hali." To, Bahaushe in ya ji "in da hali," ya san an bar masa ƙofa a buɗe. Saboda haka na rubuta: "Wajibi ne ka biya." Na bar masa Alhajinsa da gaisuwa layi ɗaya, don girmamawa ba ta rage bashi, na kuma sa kuɗin da lamba da kalmomi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa'adin. Mu duba, jama'a: "bayan kwana 14" na nufin sai sun cika tukuna a fara biya, wato an juya maganar ke nan. "Nan da kwana 14" ya fi kusa, sai dai mun saba jin sa a bakin tela, kowa kuwa ya san yadda wannan alkawari kan ƙare. Sa'an nan "nan" ɗin yaushe ne? An rubuta takardar ran Litinin, 3 ga Maris, 2025, ta shiga hannunsa ran Alhamis, 6 ga wata. In daga ranar rubutu ake ƙirgawa, wa'adi ya cika 17 ga Maris. In daga ranar karɓa ne, sai 20. Kwana uku ke tsakani, kuma a cikinsu ana iya shigar da ƙara. Abin da na tsayar shi ne: "cikin kwana 14 daga ranar da wannan takarda ta shiga hannunka, ba tare da ka wuce su ba."

Ko ranar karɓar tana cikin lissafi? Dokar Fassara Dokoki ta Nijeriya, ta 1964, ta ce ba a ƙirga ranar da abin ya faru, kuma in ranar ƙarshe ta faɗo Lahadi ko ranar hutun gwamnati, wa'adin yakan zarce zuwa rana ta gaba wadda ba hutu ba ce. Amma don dokoki aka yi wannan ƙa'ida, takardar lauya kuwa ba doka ba ce. Don haka ban rubuta 20 ga Maris da ra'ayin kaina ba. Na tambayi lauyan, ya amince, aka sa ranar a Turancin da Hausar gaba ɗaya, da lafazin "ranar 20 ga Maris ko kafin nan." "Kafin 20" kaɗai zai cinye wa Alhaji yini guda. Haka ma da "wata ɗaya" aka ce, da sai na fayyace watan Bature ne, don mai lissafi da tsayuwar wata ranarsa dabam take faɗowa.

Sauran gargaɗin. Wani ɗan'uwa ɗalibi ya ba ni shawara in sa "za a kama ka," wai don Alhaji ya razana. Ban yarda ba. Takardar ba sammaci ba ce, ba kuma hukunci ba, ba ta ambaci ɗan sanda ba. Ƙarin gishiri a nan ƙarya ce aka jingina wa lauya. Na rubuta abin da ke ciki: "In wa'adin ya cika ba ka biya ba, wanda muke wakilta ya umarce mu mu kai ka ƙara kotu, ba tare da mun sake sanar da kai ba."

Da na gama sai na karanta wa wani dattijo da bai ga Turancin ba, na ce, "Baba, nawa ake bin sa, yaushe zai biya, me zai faru in ya ƙi?" Ya amsa duka ukun daidai, sa'an nan na miƙa wa lauya ya sa hannu.