Layin kaye da ƙugiyar ƙ

Kawuna, wanda ya daɗe yana koyarwa a lakkol a ƙasar Damagaram, ya bar kaye uku cike da kalmomin da ya tattara daga bakin tsofaffi. Duk wasali mai tsawo ya ja masa ɗan layi a bisa kai. Da na tashi rubuta kundin kammala karatu, sai iyalinsa suka ba ni aron su na mako guda. Na kai su wani shago aka ɗauki hotonsu da na'ura, na mayar, hankalina kwance.

Sai da na buɗe hotunan na ga ɓarnar. An ɗauke su baƙi da fari ne zalla, don haka layukan takarda, waɗanda a ido shuɗi-shuɗi ne marasa ƙarfi, sun fito baƙi ƙirin kamar tawadar kawu. Kayen kuwa irin wanda muka tashi da shi ne, mai tsarin Seyès: layi kwance kowane milimita 2, layi tsaye kowane milimita 8. Babu harafin da layi bai ratsa ba.

Wani abokin karatu ya nuna mini hanyar da aka saba. A gaya wa kwamfuta ta nemo duk baƙin da ya miƙe a kwance fiye da wani tsawo, ta shafe shi. A hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, milimita 8 ɗigo 94 ne ko 95, sai muka sa iyaka a ɗigo 100, tunda alƙalami ba ya jan layi kwance mai wannan tsawo cikin kalma. Da farko ta kama layuka gutsi-gutsi, domin shafin ya ɗan karkace. Karkata ta digiri ɗaya tana gusar da layi kusan ɗigo biyu cikin ɗigo ɗari, alhali kaurinsa duka bai wuce biyu ko uku ba. Muka daidaita shafin, layuka suka tafi, shafi ya yi fes.

Murnata ba ta kai la'asar ba. Ina karantawa na tarar da "kafa" a inda ma'anar da ke gefe ke maganar tafiya. "Ƙafa" ce, ƙugiyar ƙ ta kwanta a kan layi, ta tafi tare da shi. "Taya" ta koma kama da "laya". Abin da ya fi ci mini rai shi ne alamar tsawon wasali. Kawu, kamar duk wanda ya koyi rubutu a wannan takarda, hannunsa layi yake bi, shi ya sa alamar takan hau daidai kan layin da ke bisa wasalin. Da aka shafe, garin tuwo da garin zama suka zama ɗaya, su kuwa irin wannan bambanci ne nake bincike a kai.

Akwai gyara na rabi: kada a shafe ɗigon layi sai idan samansa da ƙasansa fari ne. Wannan yana ceton sandar b ko ta d da layi ya gitta, amma ba ya ceton zanen da ya kwanta tsawonsa a kan layin, domin a hoto baƙi da fari babu abin da ya raba su.

Dole na koma na roƙi gwaggo ta sake ba ni aro, ba tare da jin daɗinta ba. A wannan karo na sa aka ɗauka da launi, aka adana a TIFF, saboda JPEG yana dama launi a gefen haruffa. Hoto mai launi kashi uku ne, ja da kore da shuɗi. A kashin shuɗi, abu shuɗi haske yake fitowa, baƙar tawada kuwa tana nan baƙa:

```
magick shafi.tif -channel B -separate shudi.png
```

Layuka suka dusashe ba tare da an taɓa harafi ba. Jan layin gefe kaɗai ya yi duhu, shi kuwa rubutu bai hau shi ba.

Kaye na uku ya ƙi, domin da shuɗin bik aka rubuta shi, sai rubutu da layi suka dusashe tare. A nan na bar hoton da launinsa, na faɗaɗa shi, ina duba inda layi ya ƙara duhu ko kauri a bisa wasali. Kalmomi goma sha ɗaya sun gagare ni. Na sa musu alamar tambaya a kundin, na rubuta su a takarda dabam, zan karanta wa gwaggo su in ji yadda take furta su idan na je hutu.