Shuɗin Sama da Jan Yamma a Ƙasar Kazaure

Duk wanda ya zauna a ƙasarmu ta Kazaure shekara guda cur ya san cewa sama biyu gare mu. Akwai saman damina da kaka, wanda in ruwa ya ɗauke sai ka gan shi shuɗi shar kamar sabon rini, da yamma kuma rana ta faɗi ja wur a bayan duwatsu ta wajen Roni. Akwai kuma saman hunturu, fari fat ko ruwan toka, wanda a cikinsa rana kan zama kamar farin faranti, ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Rana dai ɗaya ce, iskar da muke shaƙa ma ita ce dai. To, me ya raba su? A ganina wanda ya gane wannan bambanci ya riga ya gane dalilin shuɗin sama da jan yamma gaba ɗaya.

Bari mu fara da hasken rana. Muna ce masa fari, amma gauraye ne na launuka. Isaac Newton, wani masani Bature na Ingila, ya nuna haka wajen shekarar 1666, sa'ad da ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya rabu ya zama ja, ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi har zuwa shunayya. Mu kam ba ma bukatar gilashinsa, domin bakan gizo yana yi mana wannan aiki kyauta kowace damina.

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa. In ka tsaya a bakin madatsar ruwa ta Kazaure ka jefa tsakuwa, za ka ga igiyoyi suna bin juna, kuma akwai tazara tsakanin wannan da mai bi mata. Abin da ya bambanta launi da launi ke nan: tazarar igiyarsa. Ta jan haske wajen nanomita 700 ce, ta shuɗi kuwa wajen 450. Kada sunan ya ba ka tsoro. In ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Abin riƙewa kawai shi ne, ja mai dogon taku ne, shuɗi mai gajere.

Iskar da ke lulluɓe da duniya kuwa ƙwayoyi ce ƙanana ƙwarai, galibinsu naitirojin da oksijin, kowace ƙwaya ta fi tazarar igiyar haske ƙanƙanta fiye da sau dubu. In haske ya bi ta kansu, sai su ɗebi kaɗan daga cikinsa su watsa shi ta kowace fuska. Amma ba sa yi wa launuka adalci. Igiya mai gajeren taku suka fi watsawa, mai dogon taku kuwa mafi yawanta takan wuce abinta. Wani masani ɗan Ingila da aka fi sani da Lord Rayleigh ya fitar da lissafin wannan a 1871, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba. Raba 700 da 450, za ka sami 1.56. Sai ka ninka wannan da kansa har sau huɗu:

1.56 × 1.56 × 1.56 × 1.56 = 5.9

Wato iska tana watsa shuɗi kusan sau shida fiye da ja. Saboda haka in ka ɗaga kai ka dubi wani gefe na sama da babu rana a wurin, hasken da ke shigo maka ido ba kai tsaye ya zo ba. Wanda iska ta karkato maka ne, kuma shuɗi ya rinjaya a ciki. Ba hoton teku ba ne, kamar yadda wasu ke faɗa. Ina teku a Gwiwa? Shaida kuwa ita ce, a duniyar wata, inda babu iska, mutanen da suka sauka a 1969 sun tarar da sama baƙi ƙirin alhali rana tana haskawa.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai ce, ai shunayya ta fi shuɗi gajeren taku, me ya sa saman bai zama shunayya ba? Tambaya ce mai kyau. Shunayyar da ke cikin hasken rana ba ta kai shuɗi yawa ba, idonmu kuma ba ya jin ta sosai. In ido ya haɗa ta da shuɗi da ɗan koren da su ma aka watso, abin da yake gani shi ne shuɗi mai haske.

Yanzu sai maganar yamma, wadda ita ta fi burge ni, domin babu wani sabon dalili da ake nemowa. Dalilin nan ne dai aka juya. Da tsakar rana haske yana sauko mana ta gajeriyar hanya. In rana ta sauka har ta taɓa bakin ƙasa kuwa, haskenta a kwance yake ratso iska, kuma iskar da zai keta ta ninka ta tsakar rana kusan sau 38.

Mu ɗauka mudu 100 na shuɗi da mudu 100 na ja suka taso tare daga rana, a ranar da iska take tas babu ƙura. Da tsakar rana, iska za ta watsar da wajen mudu 20 na shuɗin da wajen mudu 4 na jan. Saura 80 da 96 su iso Kazaure, don haka rana take kusan fara. Da yamma fa, sai ka ce an jera shingen karɓar haraji 38 a kan hanya, kowane shinge yana cire ɗaya cikin biyar na shuɗin da ya rage, yana kuma cire ɗan abin da bai kai ɗaya cikin ashirin da biyar ba na jan. Bayan shinge uku kacal, shuɗin ya koma wajen rabi. Bayan goma, bai fi mudu 11 ba. Kafin a ƙare duka 38, ko cikin tafin hannu bai rage ba. Jan kuwa yakan iso da wajen mudu 25. Shi ya sa rana take komawa rawaya, sa'an nan ruwan goro, sa'an nan ja, kuma zafinta yake mutuwa. Shuɗin da muka rasa bai ɓata ba. Ya zube ne a hanya, a sararin ƙasashen da ke yamma da mu, wajen Katsina da Zamfara. Da asuba ma haka abin yake, sai dai ta wajen Babura za ka duba.

Bayan rana ta ɓace, jan hasken nan yakan ci gaba da haska gizagizai da iskar da ke can sama. Shi ne Bahaushe yake kira shafaƙi, wanda 'yan'uwanmu Musulmi suke lura da gushewarsa don sanin shigar lokacin lisha. Na lura ya fi kyau a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya wanke iska, ga kuma gizagizai jefi-jefi da za su kama hasken.

To, mu koma ga hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙurar hamada, da yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Ƙwayar wannan ƙura ƙarama ce a idonmu, amma in aka gwada ta da igiyar haske ƙatuwa ce, takan kai tazarar igiyar ko ta ninka ta sau da yawa. Lissafin Rayleigh kuwa ba ya aiki sai ga abin da ya fi igiyar ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Babbar ƙwaya ba ta zaɓe: ja da kore da shuɗi duk kusan daidai take watsa su, launuka kuwa in sun haɗu fari suke bayarwa. Wani Bajamushe, Gustav Mie, shi ya yi lissafin irin wannan a 1908. Shuɗin yana nan a ranar hazo, farin da ƙura ta watso ne ya danne shi. Da yamma kuma ƙurar takan cinye dukkan launukan tare, har da jan, shi ya sa rana take dushewa tun tana sama. Girgije ma saboda haka yake fari, don ɗigon ruwan da ke cikinsa manya ne.

Saboda haka ban yarda da maganar nan da ake yawan yi cewa ƙura ce take sa yamma ta yi ja ba. Da haka ne, da watan Janairu ya fi kowane wata jan yamma a wurinmu, mu kuwa shaida ne ba haka ba ne. Iska tsantsa ta isa ta ba da ja. Abin da kan ƙara masa armashi shi ne ƙwayoyi masu laushi ƙwarai da suka hau can sama, irin waɗanda dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fesa da ya yi aman wuta a Yunin 1991, aka yi watanni ana ganin jan yamma na ban mamaki a ƙasashe da dama.

Kana iya gwada duk wannan a ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Nemi doguwar kwalba mai garai-garai, ka cika ta da ruwa mai tsabta, ka ɗiga madarar gwangwani ɗigo biyu ko uku, ka girgiza. Haska tocila mai farin haske daga gindin kwalbar. In ka duba daga gefe, ruwan da ke kusa da tocilar zai yi shuɗi-shuɗi: samanka ke nan. In ka leƙa ta bakin kwalbar kana fuskantar tocilar, za ka gan ta rawaya ko ruwan goro: faɗuwar ranarka ke nan. Kada ka sa ran shuɗi mai ƙarfi, domin ƙwayoyin madara sun fi na iska girma ƙwarai. In tocilarka mai jan ƙwai ce, ba za ka ga kome ba, don tun asali shuɗin da ke cikinta kaɗan ne. In kuma hannunka ya zarce ka zuba cokali guda, kwalbar duka za ta yi fari, tocilar ta dushe, ka koma hunturu. Sai ka zubar da mafi yawan ruwan ka ƙara sabo.

Wanda ba shi da madara, ya je bayan kicin da safe ya dubi siririn hayaƙin itace. In bayansa inuwa ce ko baƙin bango, shuɗi-shuɗi zai gan shi. In ya zagaya hayaƙin ya shiga tsakaninsa da hasken sama, sai ya koma ruwan ƙasa. Amma gargaɗi ɗaya: kada hazo ya ruɗe ka ka zura wa rana ido don ka ga ta yi sanyi. Tana iya ƙona ido ba tare da ka ji zafi ba, kuma irin wannan lahani ba kullum yake warkewa ba.