Lamba 40 da ta yaudare mu sau biyu

A gidanmu mu mata huɗu ne, kuma duk mun haddace cewa tsawon siket ɗinmu inci 40 ne, kamar yadda aka haddace ranar haihuwa. Wani tela ne ya taɓa faɗa mana haka, muka riƙe.

Ankon bikin 'yar kawunmu ne ya fara tona mana asiri. Muka aika wa tela awo ta waya, ya ɗinka daidai abin da muka ce. Ranar kamu, siket ɗin autarmu yana sharar ƙasa, kafin la'asar bakin atamfar ya yi baƙi ƙirin. Muka ɗora wa tela laifi. Da Yaya Babba ta ɗauko tef sai gaskiya ta fito: wancan 40 ɗin daga siririn ƙugu aka auna shi, saman cibiya, ita kuwa Auta ƙasan cibiya take ɗaura siket, inci biyu ƙasa da nan. Nata tsawon 38 ne.

Tun daga ranar muka canza yadda muke awo. Mai siket za ta ɗaura igiya a daidai inda take son ƙugun ya zauna, ta tsaya a miƙe, wata ta saukar da tef daga igiyar ta gefe zuwa idon sawu, ko zuwa tsakiyar gwiwa idan na 'yan makaranta ne. Ba a auna kai. Da zarar mutum ya sunkuya don ya karanta lambar, igiyar ta gusa, awon ya lalace. Takalmin da za a sa shi ma ana sa shi a lokacin. Muna kuma gaya wa tela cewa wannan tsawon gamammen siket ne, shi zai ƙara na kalmasa.

Karo na biyu a kasuwa ne, kuma ya fi ciwo domin ba a mayar da kaya. Muka ga ɗinkakken siket ɗan Turkiyya, an rubuta 40 a jikinsa, muka biya muna murna. A gida ya tsaya mana a ƙwauri. Ashe 40 ɗin lambar girma ce irin ta Turai, wadda ta yi daidai da 12 ta Ingila, ƙugu wajen inci 30. Ba ruwanta da tsawo. Da muka auna shi, 35 muka samu.

Yanzu tef ba ya barin jakarmu. Mu shimfiɗa siket, mu auna faɗin ƙugun mu ninka biyu: 15 ya zama 30. Sannan mu auna daga saman ƙugun zuwa bakin ƙasa. Idan an rubuta tsawon da santimita, mu raba da 2.54, santimita 97 ita ce inci 38 na Auta. Dabarar nan ta zagaya ƙugun siket a wuya, wadda 'yan gwanjo ke koya wa mutane, tana iya dacewa a ƙugu, amma wuya bai san tsawon ƙafa ba.

Siket ɗin Turkiyya yana nan a akwati. Muna jiran 'yar Yaya Babba ta ƙara girma.