Sabon Jiki Daban, Jaraba Daban

A zangonmu na Kumasi, da an ji mutum yana shan tiramol sai a ce ɗan ƙwaya ne. Ni kam ban yarda da wannan kuɗin goro ba.

Wani maƙwabcin rumfata ya karye a hanyar Tamale, likita ya ɗora shi kan tiramol mai miligiram 50 har wata biyu. Ran da ya daina kwatsam, sai ga zufa, majina, gudawa da ciwon gaɓoɓi, barci ya gagara. Uwargidansa ta ɗora hannu a ka, wai Alhaji ya kamu. Alhali jikinsa ne kawai ya saba da maganin, ya yi bore da aka janye. Likita ya mayar da shi kai, yana rage masa kaɗan-kaɗan cikin 'yan makonni. Ya rabu da shi, ko a ransa.

Ita jaraba, a hali ake gane ta. Yaron da yake mana dako ba ciwon komai yake ba, amma kullum sai ya haɗiyi mai 225 guda biyu, wato ya haura 400 ɗin da likitoci ba sa wucewa a yini. Kuɗin abincinsa can suke tafiya. Ya taɓa faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, washegari ya koma ya saya. Mun tsare shi wata guda, zufar da gudawar suka wuce, amma kwaɗayin yana nan. Ran da ya karɓi kuɗin dako na farko, wajen mai ƙwayar ya nufa.